Katangar da ta faɗi da hoton da ya rage: yadda aka gano tsayinta

Katanga ce da ta tare gida ta baya, ta bulo, an yaɓe ta da siminti. Guguwa ta kwantar da ita cikin dare, ba abin da ya tsaya sai ɗan kututture mai layi biyu a wani gefe. Maigidan yana so a mayar da ita yadda take, kuma nan gardama ta tashi. Shi ya dage mita 3 ce. Maginin da ya kira ya duba ɓaraguzan ya ce ba za ta wuce mita 2.4 ba. Babu zanen gini, wanda ya gina ta kuma ba a san inda yake ba. Abin da ya rage kawai hoto ne guda a waya: ƙanin maigidan yana tsaye a gaban katangar, ana ganinsa daga takalmi har hula, ana ganin katangar daga gindi har kai.

Da wannan hoton aka zo mini. Maigidan ma ya riga ya yi nasa lissafin. Ya ɗora rula a fuskar wayar, ya auna ƙanin nasa, ya auna daga ƙafarsa zuwa kan katanga, ya ninka da mita 1.80 da ƙanin ya ce shi ne tsayinsa. Ya samu 2.62. Bai ji daɗin amsar ba, don ba ta goyi bayansa ba, ba ta kuma goyi bayan magini ba.

Tunaninsa daidai yake a tushe. Idan abubuwa biyu suna nesa ɗaya da kyamara, wanda ya ninka ɗan'uwansa tsayi a zahiri zai ninka shi a hoto. Ka san tsayin ɗaya, ka san na ɗayan. Wahalar tana cikin sharaɗin nan na "nesa ɗaya", domin da wuya ka ga an ɗauki mutum hoto ya manna bayansa da bango.

Aikin farko shi ne na nemi ainihin hoton daga wayar da ta ɗauka, wanda ba a yanke ba. Kwafin da aka tura ta manhajar saƙo an matse shi. Matsewa ba ta canza girman mutum idan an gwada shi da katanga, amma tana dusashe gefen abubuwa, sai ka rasa inda kai ya ƙare da inda bango ya fara. Yankewa kuwa tana ɓatar da tsakiyar hoto, kuma za mu buƙace ta nan gaba. Na asali yana da fiksel, wato ƙananan ɗigogin da suke haɗuwa su zama hoto, 4000 a faɗi, 3000 a tsaye. Na buɗe shi a kwamfuta cikin manhajar gyaran hoto da ke nuna lambar fiksel ɗin da ka ɗora kibiya a kai. Ana ƙirga lambar daga saman hoto zuwa ƙasa, don haka abin da ya fi ƙasa shi ya fi babbar lamba.

Mutum ba sandar awo ba ne

Kafin in taɓa hoton na ce a kira ƙanin a auna shi.

"Yaya, ai na san tsayina," in ji shi ga maigidan. "Mita ɗaya da tamanin."

Aka tsayar da shi ba takalmi a jikin ƙofa, aka ɗora littafi mai ƙarfin bango a kansa, aka ja layi da fensir. Tef ya nuna santimita 174. Ba ƙarya ya yi ba. Mutane da yawa wata lamba suke riƙe da ita da suka ji tun da daɗewa, kuma ta fi karkata sama. Santimita 6 ɗin nan kashi 3 ne da ɗoriya cikin ɗari, a jikin katanga irin wannan kuwa sun kai santimita 9.

Shi ma 174 ba shi za a sa a lissafi ba, don ba tsayinsa na gaban tef muke nema ba, tsayinsa a cikin hoton muke nema. Yana sanye da takalmin da har yanzu yana nan; dunduniyarsa santimita 2 ce. A hoton ya saki jiki, nauyinsa ya ɗan fi karkata a ƙafa ɗaya, ba miƙewar da ya yi a gaban tef ba, sai na cire santimita 1. Ya zama 175. Kuma tsayin mutum yana raguwa da santimita 1 zuwa 2 daga safe zuwa yamma saboda faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya suna matsewa. Saboda haka na rubuta 175, da yiwuwar santimita 3 sama ko ƙasa.

Sai hula. Ba a ganin tsakar kansa. A fuskar babban mutum da ya kalli gaba sosai, idanu suna kusan tsakiyar tazarar haɓa da tsakar kai. Na auna daga haɓa zuwa ido, na ƙara irin wannan a sama, na sa alama a fiksel 1393. Tulun hular ya wuce nan da kusan fiksel 20, waɗanda da an ƙirga su da sun ƙara masa tsayin da ba nasa ba.

Ƙafa ita ma tana da tarko. Hannu yakan kai kibiya bakin takalmi, don shi ne ya fi ƙasa a hoto. Amma bakin takalmi ya fi jikin mutum kusa da kyamara, shi ya sa ya sauko. Wurin da ake so shi ne ƙasar da ke daidai ƙarƙashin kai, wato tsakanin ƙafafu biyu, ɗan gaba da idon sawu. Nan ya faɗa a 2143. Bambancinsa da bakin takalmi fiksel 14 ne.

Tsayin mutumin a hoto ke nan: 2143 a cire 1393, saura fiksel 750. Kan katanga yana 1050, gindinta inda ta haɗu da ƙasa yana 2062, wato fiksel 1012. Lissafi mai sauƙi:

1012 ÷ 750 × 1.75 = 2.36

Magini ya yi murmushi, don lambar ta zo kusa da tasa. Na ce masa ya dakata.

Tazarar da ido ba ya lura da ita

Dubi lambobi biyun nan: ƙafa 2143, gindin katanga 2062. Da a jikin katangar yake tsaye, da sun zama lamba ɗaya ko kusa. Fiksel 81 da ke tsakaninsu ƙasa ce ake gani a bayan dugadugansa. Idan kyamara tana sama da ƙasa, duk abin da ya fi nisa gindinsa yakan hau sama a hoto. Wannan ita ce alamar farko da ya kamata a duba a kowane hoto irin wannan, tun kafin a ɗauki na'urar lissafi. Inuwarsa ma ta faɗi haka: tana kwance a ƙasa gaba ɗaya, ba ta karye ta hau bango ba.

Mutumin ya fi katangar kusa da kyamara, sai ya fito da girma fiye da rabonsa, katangar kuma ta zama kamar gajeriya a gefensa. Girman kuskuren shi ne tazarar mutum da katanga a raba da nisan kyamara da katanga. Taku ɗaya babba, mita 1, idan mai ɗauka yana nisan mita 8, ya cinye kashi 12.5 cikin ɗari na tsayin. Idan yana mita 3, kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Idan kuwa daga mita 30 ya jawo hoton, kuskuren bai fi kashi 3 da 'yan kai ba. Shi ya sa hoton nesa ya fi hoton kusa amfani a wannan aiki, ko da na kusa ya fi kyan gani.

Yanzu a koma ga 2.62 na maigida. Kurakurai uku ne a ciki. Tazarar nan ta ja lambarsa ƙasa. Auna katanga daga ƙafar mutum maimakon gindinta ya ƙara mata fiksel 81 da ba nata ba, ya ja ta sama. Mita 1.80 ma ya ja ta sama. Suka ci juna, ya faɗo kusa da gaskiya bisa sa'a. A wani hoton, hanyar nan tasa za ta iya kai shi nesa.

Layin ido

Ana gyara wannan ba tare da sanin nisan kyamara ba. Ka ɗauka fili ne shimfiɗaɗɗe ba gini ba bishiya, har inda ƙasa ta haɗu da sama. Wannan layin, wanda zan kira layin ido, yana ratsa duk abin da ke tsaye a kan filin a daidai tsayin kyamarar daga ƙasa, kusa yake ko nesa. Idan an riƙe waya a mita 1.5, layin zai bi ta mita 1.5 a jikin mutum, ya bi ta mita 1.5 a jikin katanga. Da zarar ka same shi, mutumin zai gaya maka tsayin kyamara, tsayin kyamara kuma ya zame maka ma'auni a jikin katangar kanta.

A cikin gida ba a ganin inda ƙasa ta haɗu da sama, sai a nemo layin ta wata hanya. Layukan da suke kwance daidai a zahiri, masu tafiya daga kyamara zuwa nesa, idan aka tsawaita su a hoto sukan haɗu a wuri ɗaya, kuma wurin yana kan layin ido. A gefen dama na hoton akwai bangon ɗaki da ya taho daga katangar zuwa wajen mai ɗauka. Na ja layi a gindinsa, na ja a saman tagarsa, na ja a ƙasan tagar, na tsawaita su. Ba su haɗu a ɗigo ɗaya cak ba, ba kuma a sa ran haka, don ba ginin da yake miƙe kamar zare. Sun taru tsakanin 1485 da 1515, na ɗauki 1500.

Wannan lamba ta ba ni wani labari mai daɗi. Hoton fiksel 3000 ne a tsaye, 1500 kuwa tsakiyarsa ce. Layin ido a tsakiyar hoton da ba a yanke ba yana nufin an riƙe wayar a miƙe, ba a ɗaga bakinta sama ba, ba a sunkuyar da shi ba. Gefunan taga da kusurwar ɗaki sun tabbatar: duk a tsaye suke, ba su karkato suna neman haɗuwa a sama ba.

Daga ƙafa zuwa layin ido: 2143 a cire 1500, fiksel 643 cikin 750 na mutumin.

643 ÷ 750 × 1.75 = 1.50

Kyamara tana mita 1.50 daga ƙasa. A hoton layin ya bi ta wuyansa, ɗan ƙasa da haɓa, kuma hankali ya yarda da haka ga wanda ya riƙe waya a gaban fuskarsa yana tsaye. Da lissafin ya ce mita 2.3 ko santimita 60, da na san na yi kuskure a wani wuri, ko kuma mai ɗaukar a kan wani abu yake.

A jikin katanga, daga gindi zuwa layin ido: 2062 a cire 1500, fiksel 562. Su ne mita 1.50 a nisan katangar. Katangar duka fiksel 1012 ce.

1012 ÷ 562 × 1.50 = 2.70

Santimita 34 tsakanin wannan da amsar farko, duk daga taku ɗaya da mutum ya yi gaba.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Masu zane sun daɗe suna amfani da ita wajen daidaita tsayin mutane na kusa da na nesa. Masu binciken hoto da kwamfuta sun faɗaɗa ta. A 1999 Antonio Criminisi da Ian Reid da Andrew Zisserman na Jami'ar Oxford sun gabatar da aiki kan awo daga hoto ɗaya tak, wanda ya haɗa har da yanayin da kyamara ta karkata. A can, bayan layin ido, sai an nemo ɗigon da layukan tsaye suke haɗuwa, kuma ninkawa da rabawa irin namu ba za su wadatar ba. Wanda ya ga gefunan gini a hotonsa suna tsukewa zuwa sama, ya san ya shiga wannan yanayin: saman katanga ya matse, lissafi mai sauƙi zai rage mata tsayi.

Na kuma gwada nisan, don in ga ko labarin ya haɗu. Bayanan EXIF, waɗanda waya take ajiyewa a cikin hoton, sun nuna babbar kyamarar wayar ce, mai gilashi daidai da milimita 26, ba ta 0.5x mai faɗi ba wadda takan miƙe abubuwan da ke gefe. A hoto mai faɗin fiksel 4000, wannan yana nufin abu mai mita 1 a nisan mita 1 zai cika kusan fiksel 3000. Mutum mai 1.75 da ya cika 750 yana nisan mita 7 ke nan. Katangar kuma ta fi shi nisa da ninkin 643 a kan 562, wato mita 8. Matar maigidan, wadda ta ɗauki hoton, ta nuna bakin ƙofar da ta tsaya. Tef ya ba da mita 8 ba kaɗan zuwa tushen katangar.

Ina lissafin zai iya zamewa

Abin da nake tsammanin zai fi lahani shi ne layin ido, tunda shi aka samo da jan layuka a kan gini mara cikakkiyar miƙewa. Da na gwada, sai ya zama shi ne mafi sauƙin hali. Matsar da shi fiksel 20 sama ko ƙasa bai canza amsar da fiye da santimita 1 da ɗan abu ba, domin yana shiga lissafin mutum da na katanga a tare, kuskuren yana cin kansa. Kuskuren fiksel 10 a gindin katanga santimita 2 ne. Fiksel 10 a tsakar kai, inda hula ta sa muka yi ƙiyasi, kusan santimita 4. Santimita 3 na shakkar tsayin mutumin sun zama kusan 5.

Wanda ya fi su duka ba a ganinsa a hoto. Dabarar layin ido ta ɗauka ƙasar da mutum ya taka da ƙasar gindin katanga tsayinsu ɗaya. Gindin katanga kuwa wurin taruwar yashi ne da tarkace, wani lokaci ma da gangan ake tudunta shi don ruwa ya gangara. Idan ƙasar can ta fi ta ƙafarsa tudu da santimita 5 kacal, fiksel 562 ɗin mita 1.45 suke wakilta, mu kuma mun ba su 1.50. Amsar za ta kumbura da kusan santimita 9. Idan kwari ne a gindin, ta ragu.

Wannan sai da aka je wurin. Kututturen da ya tsaya yana ɗauke da tabon ƙasa a jikin yaɓensa, layin da ya nuna inda ƙasa take kafin faɗuwar. Magini ya kawo siririn tiyo mai ruwa a ciki, irin wanda suke daidaita gini da shi, aka gwada tabon da daɓen da ƙanin ya tsaya a kai. Bambancin bai kai santimita 1 ba. Da katangar a wani wuri take da ba za a iya zuwa ba, da sai in faɗaɗa iyakar shakkar, in kuma faɗa wa mai tambaya dalili.

Waɗannan kurakurai ba lallai su taru a gefe ɗaya ba, don haka ban tara su kai tsaye ba. Abin da na rubuta wa maigidan shi ne mita 2.70 daga ƙasa, kuma zan yi mamaki idan ta gaza 2.62 ko ta wuce 2.78. Faɗin 2.7011 da na'urar lissafi ta nuna zai zama yaudara. Hoton bai san katangar har haka ba.

Shaida ta biyu

Ban so in tsaya a kan mutum shi kaɗai ba. A gefen hagu na hoton yaɓe ya ɓare, ana ganin layin bulo huɗu a jere. Amfaninsu shi ne a jikin katangar suke, babu batun tazara ko tudun ƙasa. Daga gaɓar siminti ta ƙasa zuwa ta sama fiksel 338 ne. A cikin ɓaraguzai aka sami gutsuren da bulo uku ke manne, aka auna: bulo ɗaya da simintinsa santimita 22.5. Layi huɗu santimita 90 ke nan.

1012 ÷ 338 × 0.90 = 2.69

Hanyoyi biyu da ba su dogara da juna ba sun haɗu da bambancin santimita 1. Ban ɗauki wannan kusancin da muhimmanci fiye da kima ba, don kaurin siminti yakan bambanta daga layi zuwa layi, kuma layi huɗu kaɗan ne a yi wa katanga duka hukunci da su. Abin da ya tabbatar shi ne ba 2.4 ba ce, ba kuma 3 ba ce. Mita 2.70 a raba da santimita 22.5 ya ba da layi 12 cif. Layi 11 zai tsaya a 2.48, layi 13 ya kai 2.93, dukansu a wajen iyakar da muka samu. Tunda katanga ba ta zuwa da rabin layi sai da dalili, shakkar santimita 8 ba ta hana yanke magana ba.

"To, Malam, sha biyu ke nan," in ji magini. "Amma daga ƙasa ne, ko har da na cikin tushe?"

Tambayar tana kan hanya. Hoton abin da ke saman ƙasa kawai ya nuna. Aka tona gefen kututturen, aka tarar tabon ƙasar ya yi daidai da wata gaɓar siminti, da layi biyu binne a ƙarƙashinta. Aka rubuta layi 12 daga wannan gaɓa zuwa sama. Batun ko tushen zai iya ɗaukar wannan tsayi, da ginshiƙai nawa za a sa a tsakani don kada iska ta sake kwantar da ita, maigidan ya kai shi wurin injiniyan gini tare da lambar 2.70.